Agogo, Biro da Numfashi: Nasiha ga Matasa Masu Gabatar da Shiri a Rediyo

Ƙannena masu sha'awar aikin rediyo, maza da mata, akwai wani ɗan yanki na shiri da nake so mu tsaya a kansa, wato shimfiɗar da mai gabatarwa yake yi daga lokacin da taken shiri ya lafa zuwa lokacin da muryar baƙo ko ta wakili ta shigo. Wannan yanki bai cika kai minti ɗaya ba, amma a nan ne sabon ma'aikaci ya fi yin ɓarna, kuma ɓarnar iri ɗaya ce kusan kullum. Yakan rubuta shimfiɗa mai kyau a ido, ya karanta ta a zuci, ya ga kamar ta yi daidai, sai ya shiga ɗakin watsa shiri ya tarar lokacin bai ishe shi ba. Daga nan sai ya kama gudu, ya haɗiye ƙarshen kalmomi, ya tsallake wuraren numfashi, har ya ambaci sunan baƙonsa cikin haki. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, shirun da ke tsakanin kalmomi ɓangare ne na rubutun, yana cin lokaci kamar yadda kalma take ci, don haka dole a auna shi da agogo, a rubuta shi a takarda, kuma idan lokaci ya gaza a rage kalmomi a bar shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa lokacin rediyo ba ya karɓar uzuri. Tashar da take haɗuwa da Rediyon Najeriya domin labaran ƙasa na ƙarfe 7 na safe ba ta da ikon cewa a jira ta. Da agogo ya cika, mai kula da na'ura zai ɗauke muryarka ya saka ta Abuja, ko kana tsakiyar jimla. Haka abin yake ga tashoshin da ke karɓar shirye-shiryen Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957, ko na gidajen rediyon Jamus da Faransa. Ƙarar nan guda shida da ake ji a BBC idan awa ta cika, wadda aka fara amfani da ita tun 1924, farkon ta shidan mai ɗan tsawo shi ne cikar awa daidai. Gidan da yake auna lokacinsa haka ba zai fahimci "saura kaɗan in gama" ba. Ko a shirin da ba ya jingine da wata tasha, akwai mai talla da ya biya kuɗin sakan 45, akwai abokin aikinka da shirinsa ke biye da naka. Duk sakan ɗin da ka ƙara wa shimfiɗarka, daga aljihun wani ka zaro shi.

Saboda haka aikin ba daga rubutu yake farawa ba, daga lissafi yake farawa. Mu ɗauki misalin shirin noma na minti 15 da ake sakawa daga 6:45 zuwa 7:00 na safe, dab da labaran ƙasa. Minti 15 sakan 900 ne. Taken buɗewa ya ci 20, tallace-tallace biyu na masu ɗaukar nauyi, ɗaya kafin shimfiɗa ɗaya bayan hira, sun ci 45 kowanne, wato 90, hirar da aka riga aka naɗa da malamin gona ta ci minti 11 da rabi, wato 690, sallama ta ci 30, taken rufewa ya ci 15, sannan an bar 10 domin sanar da sunan tasha kafin a haɗa da labarai. Idan ka tara waɗannan za ka samu 855. Abin da ya rage maka na shimfiɗa sakan 45 ne, babu ƙari. Masu aikin sukan yi wannan lissafi ne daga ƙarshe su dawo farko, su rubuta a gefen takarda lokacin da kowane abu ya wajaba ya fara. A misalinmu, idan hirar ba ta fara da ƙarfe 6:46 da sakan 50 ba, to a tabbata ƙarshen shirin zai shiga bakin labarai. Wannan lamba guda ita ce za ka rubuta da manyan baƙaƙe a saman takardarka, domin ita ce iyakar gonarka.

Yanzu ga irin shimfiɗar da sabon hannu yakan rubuta wa wannan shiri, kuma kowa a cikinku ya taɓa jin irinta:

"Assalamu alaikum warahmatullahi ta'ala wabarakatuhu. Jama'a masu sauraronmu a duk inda kuke, a gida ko a gona ko a kasuwa ko a kan hanya, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a cikin wannan shiri namu mai farin jini, wanda muka saba kawo muku a kowane mako a daidai wannan lokaci. Kamar yadda kowa ya sani, noma tushen arziki ne, kuma shi ne na duƙe tsohon ciniki. To, a yau cikin ikon Allah shirin namu zai yi duba ne a kan wani muhimmin al'amari da ya daɗe yana ci wa manoma tuwo a ƙwarya, wato matsalar ƙwarin da ke lalata wake bayan an yi roro an adana. Domin warware wannan batu mun tattauna da wani masani, ƙwararre, wanda ya daɗe yana aiki da manoma, wato Malam Wane, malamin gona a ƙaramar hukumarmu, wanda ya yi mana bayani dalla-dalla a kan yadda ake adana wake a buhu mai leda biyu a ciki ba tare da an zuba magani ba. Sai ku gyara zama, ku biyo mu sannu a hankali."

Babu kuskuren Hausa a cikinta, kuma a takarda ba ta wuce tafin hannu ba. Amma kalmominta 168 ne. Mu ƙaddara mai karatun yana yin kalma 140 a minti idan yana karatu cikin natsuwa. Wannan shimfiɗa za ta ci masa sakan 72, alhali 45 yake da su. Ya yi sama da faɗi da sakan 27 na wani. Idan ya ce zai cusa ta a cikin 45 ta hanyar sauri, sai ya yi kalma fiye da 220 a minti, kuma a wannan gudu manomin da ke ɗaura wa jakinsa mangala yana saurare da kunne ɗaya ba zai tsinci komai ba sai hayaniya. Ku lura kuma da inda ainihin maganar take. Kalmar "wake" ba ta fito ba sai bayan kalma ɗari, wato bayan sakan 43. Lokacin da aka ba shi gaba ɗaya ya kusa ƙarewa kafin mai sauraro ya san a kan me za a yi magana.

Na ce mu ƙaddara 140 ne domin babu lambar da ta dace da kowa, kuma a nan ne agogon awo yake shigowa, irin wanda ake dannawa ya fara ƙirga sakan, wanda yanzu yake cikin kowace waya. Littattafan koyar da aikin jarida na Turanci sukan ce kalma uku a sakan ɗaya. Wannan ƙiyasi an yi shi ne domin Turanci, kuma wanda ya ɗauke shi ya ɗora wa Hausa zai sha mamaki. Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su da, na, ta, ya, a, waɗanda ke wucewa kamar ƙiftawar ido, sannan ga dogayen wasula da rubutunmu na boko ba ya nunawa, ga kalmomin aro daga Larabci masu gaɓa biyar ko shida. "Warahmatullahi" kalma ɗaya ce a ƙirge, "a" ma kalma ɗaya ce. Abin da ya fi wannan yaudara shi ne abubuwan da ake taƙaitawa a rubuce amma baki yake faɗinsu a cike. Ka rubuta 2024, ido ya ga abu guda, baki kuwa zai ce "shekara ta dubu biyu da ashirin da huɗu", kalma takwas. Ka rubuta ₦1,750,000, baki zai ce "naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin", kalma tara. Ka rubuta (SAW) bayan ambaton Annabi, babu mai karatun da zai faɗi haruffa uku, salatin zai yi cikakke, kuma haka ya kamata. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce, duk abin da baki zai faɗa a rubuta shi yadda za a faɗe shi, lamba ta koma kalmomi, taƙaitawa ta koma cikakkiya, tun kafin a taɓa agogo.

Yadda ake awon kansa yana da ladubba, kuma mafi yawan kuskure daga sakaci da su yake zuwa. A karanta da murya a fili, da ƙarfin da za a yi amfani da shi a gaban makirfo, a zaune idan a zaune za a gabatar. Karatun zuci ko motsa leɓe ba awo ba ne, domin ido ba ya numfashi, kuma kullum zai ba ka lokaci gajere fiye da gaskiya. A danna agogo tare da sautin farko, a tsayar da shi bayan sautin ƙarshe ya mutu, kada a kalle shi a tsakani, domin mai kallon agogo yakan daidaita gudunsa da abin da yake so ya gani, ya yaudari kansa. Idan an yi tuntuɓe a wata kalma kada a tsayar a sake, a ci gaba kamar yadda za a yi a iska, sannan a sa alama a wurin, domin inda harshe ya sarƙe a gwaji nan zai sarƙe a gaban jama'a, kuma maganinsa sauya kalmar. A yi haka sau uku, a rubuta lokutan uku, a riƙe mafi tsawo. Wanda ya riƙe mafi gajarta ya gina lissafinsa a kan ranar sa'a. In akwai hali a ba wani ya riƙe agogon, ko a naɗi karatun a waya a saurara daga baya. Maɓallin nan da aka rubuta wa Lap a agogon waya yana da amfani ƙwarai: a danna shi a ƙarshen kowace jimla, sai a ga wace jimla ce ta fi cin lokaci, a rubuta sakan ɗinta a gefenta. Idan lokacin yanka ya zo, ka san nauyin kowace.

Sai batun alamomi. Waƙafi da aya na rubutu an yi su ne domin mai karatu da ido, ba kullum suke faɗuwa a inda mai magana yake buƙatar numfashi ba. Shi ya sa masu aikin suke ɗaukar biro su bi takardar. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne karan tsaye guda (/) domin ɗan dakatawa, kamar rabin sakan, da kara biyu (//) domin cikakken tsayawa da jan numfashi, kamar sakan ɗaya ko ɗan fiye, sai jan layi a ƙarƙashin kalmar da ake so ta fito. Ba dole sai waɗannan ba, kowa na iya ƙirƙiro nasa, muddin bai sauya su daga yau zuwa gobe ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda ake sa su. Dakatawa tana bin ma'ana, ba ta bin ƙarewar iska a ƙirji. Ba a raba suna da muƙaminsa ta hanyar da za ta sa a zaci mutum biyu ne. Ba a tsayawa bayan "da" ko "na" ko "wa", a bar su suna reto. Kuma Hausa tana da wani tarko nata na kanta, wato korewa mai "ba" biyu. Idan ka ce "gwamnati ba ta amince da ƙarin kuɗin taki da dillalai suka nema a makon jiya ba", tazarar da ke tsakanin "ba" ta farko da ta ƙarshe ta yi yawa. Mai karatun da numfashinsa ya ƙare a tsakiya zai haɗiye ta ƙarshen, wanda kuma ya buɗe rediyo a tsakiyar jimlar zai ji kamar an amince. Irin wannan jimla ba alama take buƙata ba, a karya ta biyu.

Jan layi ma yana da nasa hukunci a harshenmu, kuma a nan ne kwaikwayon masu karanta labarai da Turanci yake cutar da matasa. A Turanci ana fito da kalma ta hanyar ɗaga murya a kanta. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna cikin ginin kalmar, su ne suke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, su raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Wanda ya daki kalma da ƙarfi irin na Turanci yana iya karkatar da karinta, ko dai ta zama wata kalma, ko ta fito kamar a bakin baƙo. Bahaushe idan yana so ya fito da kalma, gaba yake kawo ta. "Sun tarar da gari" magana ce a kwance, "gari suka tarar" kuwa ta riga ta nuna inda nauyi yake, ko ba a ɗaga murya ba. Ga kuma ƙananan kalmomi irin su ne, ce, fa, dai, kam, waɗanda aikinsu ke nan. Don haka idan ka ga kana jan layi a ƙarƙashin kalmar da ke binne a tsakiyar jimla, fara gwada sake gina jimlar. Idan layin ya zama dole, ma'anarsa a rage gudu a kan kalmar, a ba kowace gaɓa haƙƙinta, a bar ɗan sarari kafinta. Kuma kada layin ya wuce ɗaya a jimla, wasu jimlolin ma ba sa buƙata. Takardar da aka ja wa layi a kowace kalma ta uku tana fitowa kamar tallan maganin gargajiya a tasha.

Ga yadda shimfiɗar can za ta iya komawa bayan an yi mata aiki. Na sa manyan baƙaƙe a madadin jan layi:

"Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. // Idan ka rore wakenka bana ka zuba a buhu, / nan da wata uku me za ka tarar a ciki? // Manoma da yawa / GARI suke tararwa, / domin ƙwari sun riga su. // Wasu kan zuba magani, / amma maganin nan a cikin TUKUNYA yake ƙarewa. // A shirinmu na yau / Malam Wane, malamin gona a ƙaramar hukumarmu, / zai nuna mana yadda ake adana wake a buhu mai leda biyu a ciki, / ba tare da magani ba. // Na fara da tambayarsa, / me ke kashe ƙwarin idan BABU magani?"

Kalma 88 ke nan. A gudun da muka ƙaddara za su ci kamar sakan 38. Wuraren cikakken tsayawa biyar ne, idan aka ƙara wa kowanne sakan ɗaya da gangan an samu 43. Saura sakan biyu, kuma waɗannan biyun ba asara ba ne, su ne za su ɗauke tari ko jinkirin mai na'ura wajen sakin hirar. Ku duba abin da aka zubar. An zubar da jerin wuraren da masu sauraro suke, domin kowa ya san inda yake. An zubar da yabon shiri, domin mai sauraro ne ya kamata ya ce shiri yana da farin jini. An zubar da duk abin da ya biyo bayan "kamar yadda kowa ya sani", domin abin da kowa ya sani ba ya buƙatar sakan bakwai na iska. An zubar da "masani, ƙwararre, wanda ya daɗe", aka bar muƙaminsa, hirar ce za ta nuna ƙwarewarsa. Ku duba kuma abin da aka ƙara, domin yanka ba ragi kaɗai ba ne: an sami wurin faɗin dalilin da ya sa zuba magani yake da haɗari, abin da doguwar shimfiɗar ba ta faɗa ba duk da tsawonta. Jimlar ƙarshe kuma tana miƙa magana kai tsaye ga farkon abin da aka naɗa, inda malamin zai bayyana cewa rashin iska ne yake kashe ƙwarin idan an ɗaure ledojin da kyau. Wannan yana nufin dole mai rubuta shimfiɗa ya saurari sakan goma na farkon hirar kafin ya rubuta jimlarsa ta ƙarshe, don kada ya faɗi abin da baƙon zai maimaita nan take. Kalmar "gari" kuwa, mai hankali zai rubuta ta "gaari" a takardarsa, don kada a gaban makirfo ya gajarta wasalin ya mai da garin wake garin mutane.

Na san za a yi mini ƙorafi, kuma mafi ƙarfinsa shi ne na gaisuwa. Za a ce mu Hausawa ba ma faɗa wa mutum magana ba sallama, kuma mai gabatarwar da ya yanke gaisuwa ya nuna rashin tarbiyya, ya mai da gidan rediyo kamar na baƙi. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, shi ya sa ba a cire sallama da barka a misalinmu ba, kuma ban yarda a cire su ba. Amma a duba yadda gaisuwa take a rayuwa. Doguwar gaisuwa musaya ce, ka ce ina kwana a ce lafiya lau, ka tambayi gida a amsa maka. Tsawonta yana da daɗi ne saboda mutum biyu ne suke yin ta. A rediyo babu mai amsawa, don haka idan ta wuce jimla ɗaya ko biyu ta zama mutum yana gaisa da kansa, mai sauraro yana jira. Sannan akwai ladabin da ya fi wannan, wato wanda ake bin baƙo. Sakan 27 ɗin nan da aka ƙara a gaba, daga ƙarshen hirar za a yanke su, a daidai inda malamin yake cewa a tabbata waken ya bushe sarai kafin a ɗaure, kada kuma a riƙa buɗe buhun. An gayyaci mutum, an ɗauki lokacinsa, an datse masa magana a baki domin a ce "a gida ko a gona ko a kasuwa". Idan baƙon mai sarauta ne ko mai riƙe da muƙami, a ba shi laƙabinsa cikakke sau ɗaya, a tambaye shi tun kafin shiri wanne ya fi so a ambata, a auna shi da agogo kamar kowace jimla, sannan a nemi ragin a wani wuri.

Ƙorafi na biyu shi ne cewa agogo da alamomi suna kashe armashin magana, su sa mutum ya zama kamar na'ura, kuma ga tsofaffin ma'aikata nan suna shiga ba takarda su fito daidai. Game da tsofaffin, abin da ake gani a wurinsu sakamakon awo ne na shekaru, har agogon ya koma cikin jikinsu, sun san nauyin sakan goma kamar yadda mai awo a kasuwa yake sanin tiya da hannu. Mai shekara ɗaya a aiki da ya ce zai yi koyi da su ta hanyar ajiye agogo ya ɗauki ƙarshen hanya ya bar farkonta. Game da armashi kuwa, a saurari wanda lokaci ya ƙure masa a ji ko akwai armashi a muryarsa. Tsoron agogon bango shi ne yake sandarar da murya. Wanda ya san cewa rubutunsa 43 ne a cikin 45 ba ya kallon bango, hankalinsa yana kan mutumin da yake yi wa magana, yana da sararin yin murmushi a inda ya dace. Gaskiya ne akwai mai karanta alamomi kamar soja a fareti, yana tsayawa ƙiƙam a kowane kara. Wannan alama ce ta cewa karan sun yi yawa ko kuma bai maimaita karatun ya isa ba. Maganinsa ya goge rabinsu ya sake karantawa, har ya zama idonsa yana ganinsu ba tare da ya kula ba.

Akwai kuma masu cewa kwamfuta tana ƙirga kalmomi, a raba da gudun karatu a huta. Ƙirgen yana da amfani a matakin farko, ni ma da shi na yi lissafin sama, yana gaya maka tun kana rubutu cewa sakan 45 ba za su ɗauki fiye da kalma ɗari da 'yan kai ba. Amma bai san tsawon wasali ba, bai san inda za ka tsaya ba, bai san cewa sunan wani ƙauye zai sa ka rage gudu ba. Shi ƙiyasi ne, hukunci na bakin da agogo ne.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku sani shi ne, gudun mutum a gwaji da gudunsa a iska ba ɗaya ba ne. Wasu idan jar fitila ta kama sai su ƙara sauri saboda fargaba, su gama da wuri, a bar iska babu kowa. Wasu kuma sai su riƙa cusa "to", "wato", "e", "kamar yadda na ce", waɗanda babu su a takarda, kowanne yana cin rabin sakan. Ba za ka san ko kai wane iri ne ba sai ka naɗi shirinka yadda ya fita, ka auna shimfiɗar, ka kwatanta da abin da ka rubuta a gefen takarda. Bayan shiri biyar ko shida za ka ga bambancin yana maimaita kansa, sai ka riƙa saka shi a lissafi. Kafin nan, ka shiga da kariya iri biyu. Ka sa baka biyu a kan jimla ɗaya da za a iya tsallakewa ba tare da ma'ana ta karye ba, ka rubuta sakan ɗinta a gefe. A misalinmu jimlar magani da tukunya ce, kamar sakan shida, ko da yake zubar da ita asara ce. Ka kuma ajiye wata jimla guda a ƙasan takarda wadda za ka ƙara idan lokaci ya yi saura. Da haka, idan talla ta zarce ko take ya makara, shawarar abin da za a yanke an riga an yanke ta cikin natsuwa, ba a gaban makirfo ba.

Don haka ina roƙonku, kafin shirinku na gaba, ku zauna da takarda da biro da waya. Ku fitar da lokacin da hirarku ta wajaba ta fara, ku rubuta shi a sama. Ku karanta shimfiɗarku da murya sau uku, ku riƙe lokaci mafi tsawo. Idan ya wuce abin da aka ba ku, ku ɗauki biro ku fara da jimlar da take yabon shirin.